Jawabin Godiya: Da Wa Ake Farawa, a Ina Ake Tsayawa?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu duba wani aiki da ake yawan ɗora wa mutum a wurin taro ba tare da an taɓa koya masa ba, wato jawabin godiya. Ko walimar saukar Alƙur'ani ce, ko bikin yaye ɗalibai, ko ƙaddamar da littafi, ko taron ƙungiyar ci gaban gari, in kun duba takardar tsarin taro za ku ga jawabin godiya can ƙasa, bayan jawabin rufewa na shugaban taro, kafin addu'ar tashi. Wurin da aka ajiye shi kaɗai ya isa ya gaya wa mai yinsa halin da zai tarar da jama'a. Sun daɗe a zaune, rana ta yi, yara sun fara kuka, ga lokacin salla ya matso, manyan baƙi kuma wani taron na jiran su.

Abu biyu ne ke ɓata wannan jawabi. Ko dai a rikita jerin mutane, a ambaci na ƙasa kafin na sama, ko kuma a yi ta zuba har godiyar ta zama wani sabon taro. Duka biyun asalinsu ɗaya ne: mutum ya karɓi makirufo bai san iyakar aikin da aka ba shi ba. Aikin kuwa shi ne ya tsaya a madadin waɗanda suka shirya taro, ya ce wa kowa an gode bisa abin da ya yi, sannan ya mayar da makirufo. Ba a kira shi ya yi wa'azi ba, ba a kira shi ya taƙaita jawaban da aka riga aka ji ba, kuma ba a kira shi ya kai kukan makaranta ko na ƙungiya ba.

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata makarantar Islamiyya ce a wani gari da hakimi ke zaune, ta shirya walimar saukar ɗalibai 42, ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe. An buga a katin gayyata cewa Mai Martaba Sarki shi ne uban taro. Shugaban taro wani dattijo ne ɗan garin, tsohon shugaban makarantar sakandare da ya yi ritaya. Babban baƙo na musamman shi ne shugaban ƙaramar hukuma. Hakimin garin shi ne mai masaukin baƙi. Akwai uwar taro, akwai malamin da aka gayyato ya yi jawabi, akwai babban limamin gari da zai biya wa ɗalibai allo. An kuma ce sakataren ƙungiyar iyaye da malamai shi zai yi jawabin godiya. Abokin aikina zai fara karanta mana yadda irin wannan jawabi yake yawan fitowa. Wurin suna za mu riƙa cewa wane. Bismilla, Malam.

MURYA TA BIYU: Assalamu alaikum. To, ni dai gaskiya ban san ni za a kira ba, kuma ni ba gwanin magana ba ne, amma tunda manya sun ce in yi, ba yadda zan yi. Da farko ina godiya ga Alhaji wane, wanda ya ba mu gudummawa mai tsoka, Allah ya ƙara arziki. Sannan Mai Martaba Hakimi. Sannan kuma, af, na manta, shi kansa Sarki da ya turo wakili. Kamar yadda baƙo mai jawabi ya faɗa ɗazu, tarbiyya aikin kowa ne, kuma ni ma ina so in ɗan ƙara wani abu a kan wannan batu. Lokacin da aka kafa makarantar nan, a zauren wani bawan Allah aka fara, da yara bakwai. A ƙarshe ina godiya ga malamai. Ba zan manta da 'yan agaji ba. Akwai kuma waɗanda muka kai wa kati ba su zo ba, su ma mun gode, Allah ya sani. A ƙarshe kuma ina kira ga gwamnati...

MAI GABATARWA: Dakata haka nan, Malam, mun gode. Masu sauraro, na san da yawanku kun yi murmushi, don kun taɓa jin irin wannan. Mu duba inda ya kauce. Ya ɓata lokacin farko yana ba da uzuri a kan kansa, alhali ba wanda ya zo jin labarinsa. Ya fara da mai kuɗi, ya bar iyayen ƙasa a baya. Ya ba hakimi laƙabin da ba nasa ba, sannan ya tuna da Sarki bayan hakiminsa. Ya koma cikin jawabin wani yana yi masa ƙari. Ya ɗauko tarihin makaranta, wanda shugaban makaranta ya riga ya bayar a jawabin maraba. Ya yi habaici ga waɗanda ba su zo ba. Ya ce "a ƙarshe" sau biyu bai ƙare ba. Duk wannan ba rashin iya magana ya jawo ba, rashin shiri ne.

To ina ake fara shiri? Ana farawa ne tun kafin ranar taro. Kwamiti ya zaɓi mai godiya ya sanar da shi da wuri, kada a bari sai an zo ƙarshe a waiwaya a ce wane taso. Ya kamata ya zama ɗan cikin gida, wanda ya san wa ya yi me, kuma ba wanda ya riga ya yi jawabin maraba ba. Shi kuma ya nemi katin gayyata da takardar tsarin taro, ya samu takarda guda ɗaya, ya rubuta sunaye a jere. Gaban kowane suna ya rubuta cikakken laƙabinsa, ya bar fili a gefe. Wannan fili shi ne mafi amfani a takardar, domin a nan zai rubuta abin da mutumin ya yi a ranar. Ranar taro kuma ya zauna kusa da mai gabatar da taro, biro a hannu, yana gyara takardar yayin da abubuwa ke sauyawa.

Kuma za su sauya. A misalin namu, ga abin da ya faru. Mai Martaba Sarki bai samu zuwa ba, ya turo ɗaya daga cikin 'yan majalisarsa. Shugaban ƙaramar hukuma ya turo sakataren ilimi, wanda ya sanar da alƙawarin rufa azuzuwa 2. Ana tsakiyar taro sai ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin, wanda babu sunansa a kati, aka ba shi kujera a gaba. Wani ɗan kasuwa kuma ya aiko da Alƙur'ani 42, kowane ɗalibi ɗaya, ya roƙa kada a faɗi sunansa. Wanda ya haddace jawabinsa tun daga gida, ko ya karanto kati yadda aka buga shi, zai gode wa Sarki bisa halarta alhali kowa na ganin Sarki ba ya nan. Daga nan jama'a sun san jikinsa ne kawai a wurin.

Yanzu sai batun jeri. Hawa uku ne, kuma in mutum ya riƙe su ba zai rikice ba.

Hawa na farko shi ne na shugabannin ƙasa. Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in gwamna yana wurin da shi ake farawa, in kuma babu gwamna amma akwai Sarki, da Sarki ake farawa. Wakili kuwa a kujerar wanda ya turo shi yake zaune, don haka matsayin wanda ya turo shi yake ɗauka. Sai dai a lura da yadda ake faɗa: ana fara ambaton mai aiken, sannan ɗan aiken, sannan a roƙi ɗan aiken ya isar da godiya. A ce, Mai Martaba Sarki, wanda Mai Girma wane ya wakilta. Ba a juya shi.

Hawa na biyu shi ne na masu riƙe da wani aiki a taron: shugaban taro, babban baƙo na musamman, mai masaukin baƙi, uwar taro, baƙo mai jawabi, da wanda ya biya allo ko ya ƙaddamar da littafi. A wannan hawa, aikin da aka ba mutum a taron shi ke ba shi wuri, ba muƙaminsa na waje ba, ba kuma aljihunsa ba. Shi ya sa dattijon nan mai ritaya, wanda ba ya riƙe da ofishin kowa, zai zo kafin ɗan majalisar jiha. Shi aka ba ragamar taron. Ɗan majalisar da ya shigo ba da wani aiki ba, sai a sa shi a sahun farko na manyan baƙin da ke biye. Ba raini ba ne, kuma shi ma ya san haka ake yi.

Hawa na uku shi ne na sauran jama'a, kuma a nan ake barin sunaye a koma rukuni. Dagatai da masu unguwanni, limamai da malaman gari, malaman makaranta, iyayen yara, 'yan kwamiti, masu girki, 'yan agaji, jami'an tsaro, masu na'urar magana, 'yan jarida. Ka'idar ita ce, in ka ambaci sunan mutum ɗaya a cikin rukuni, ka ɗauki bashin sauran. Abin kamar rabon goro ne a wurin ɗaurin aure: wanda ba a fara rabo a layinsa ba ba ya jin komai, amma wanda aka ba na damansa da na hagunsa aka tsallake shi, ba zai manta ba. In malamai 14 ne a makarantar, ko dai ka kira duka 14, wanda lokaci ba zai bari ba, ko ka ce malamanmu maza da mata ƙarƙashin shugaban makaranta, ka wuce.

Wannan jeri ba wahayi ba ne. Akwai wuraren da suka saba farawa da shugaban taro kafin kowa. A taron gwamnati kuma akwai jami'an da aikinsu ke nan, suna da jerinsu a rubuce: gwamna, mataimakinsa, kakakin majalisar jiha, babban jojin jiha, sannan na ƙasa da su. In irin wannan taron ne, je ka karɓi jerin a hannunsu. In kuma taron gari ne, saurari jerin da mai gabatarwa da shugaban taro suka bi tun da safe, ka bi sawunsu. Ƙarshen taro ba wurin ƙirƙiro sabon jeri ba ne, domin duk wanda ka matsar daga inda aka sa shi da safe zai ɗauka da gangan ka yi.

Za mu ɗan dakata, in mun dawo za mu duba laƙabi, sannan mu ji jawabin da aka gyara.

(KIƊAN TSAKIYA)

MAI GABATARWA: Barkanmu da dawowa. Har yanzu muna kan jawabin godiya, kuma mun iso wurin da ƙaramin kuskure ke zama babbar magana, wato laƙabi da sunan sarauta.

Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne. Mai Martaba na sarakuna ne. Mai Girma ana yi wa gwamna, ana yi wa hakimi da sauran manyan masu muƙami. Mai Shari'a na alƙalai ne. Inda mutane ke yawan zamewa shi ne sarautun da suka fara da kalmar Sarki alhali masu su hakimai ne. A Kano akwai Sarkin Bai, akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta. Manya ne ƙwarai, don su biyun tare da Madaki da Makama su ne masu zaɓen sarki, amma duk da haka Mai Girma ake ce musu, ba Mai Martaba ba. Ka ɗaga hakimi ka kai shi matsayin Sarki a gaban wakilin Sarki, ba ka girmama shi ba, kunya ka ba shi.

Sannan sarauta ba koyaushe take tafiya da sunan garin da mai ita yake zaune ba. Sarkin da ke Zariya Sarkin Zazzau ne. Wanda ke Birnin Kebbi Sarkin Gwandu ne, Sarkin Kabi kuwa a Argungu yake. Na Gusau Sarkin Katsinan Gusau ne. Masu sauraronmu na Jamhuriyar Nijar sun san wannan sarai, domin Sarkin Katsina ne a Maraɗi, Sarkin Gobir kuma a Tsibiri. Haka kuma nauyin sarauta yana bambanta daga masarauta zuwa masarauta. Masu zaɓen sarki a Zazzau su ne Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona, kun ga ba su yi kama da na Kano ba. Saboda haka in masu sarauta biyu ko uku suka haɗu a taronka, kada ka jera su da ka, ko da shekaru, ko da girman rawani. Matsa kusa da sakataren hakimi ko wani babban bafade ka tambaye shi a hankali wa ke gaba. Tambayar ba ta cin minti ɗaya, kuma su ba sa ganin laifin mai tambaya. Haka za ka yi wa sunan baƙon da ba ka saba da shi ba, musamman wanda ba Bahaushe ba: tambayi wanda ya zo tare da shi yadda ake furta shi, ka rubuta yadda kunnenka ya ji.

Akwai kuma waɗanda rashin ambaton sunansu shi ne girmamawa. Ɗan kasuwan nan da ya ce a sakaya sunansa, a sakaya, kada a yi ta kwatance har kowa ya gane. In taron iyali ne, kamar walimar aure, ɗa ba ya kama sunan mahaifinsa a makirufo, sai ya ce mahaifinmu ko Baba. Mace ta ce maigida. Matan da suka kwana a kan murhu, in ba a tabbatar suna so a kira sunayensu ba, a ce iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin girki, a yi musu addu'a. Batun kuɗi kuma, in an yi gudummawa mai gabatarwa ya riga ya sanar. Mai godiya ba ya sake karanto adadi, ba ya jera mutane bisa yawan abin da suka bayar, domin mai dubu biyu ma iyakar ƙarfinsa ya yi. Wanda ya yi alƙawari a gode masa bisa alƙawarin, a roƙi Allah ya ba shi ikon cikawa, a tsaya nan. Bin bashi aikin kwamiti ne, bayan an watse.

To tsawon fa? Minti 3. In mutum yana magana a natse, wannan bai wuce kalma 350 zuwa 400 ba, wato abin da zai shiga shafi ɗaya na rubutun hannu, ko ya ɗan haura. Hanyar tsayawa a cikin wannan iyaka ita ce kowane babban baƙo ya samu jimla ɗaya, mai ɗauke da abu uku: laƙabinsa, sunansa, da abin da ya yi. Abin da ya yi ɗin shi ne ainihin godiyar. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, to ba a yaba kyautar da ba a faɗi ko mece ce ba. Ka ce mun gode wa baƙo mai jawabi bisa jawabinsa mai ma'ana, wannan kowa ma za a iya gaya masa. Ka ce mun gode da ya tunatar da mu a ware wa yaran nan lokacin tilawa bayan Asuba, ya san ka saurare shi, jama'a ma sun sani. Amma jimla ɗaya ce, ba a buɗe sharhi. Malam, a karanta mana wanda aka gyara.

MURYA TA BIYU: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. A madadin hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, ina miƙa godiyarmu ga uban taro, Mai Martaba Sarki, wanda Mai Girma wane ya wakilta. Ranka ya daɗe, a isar mana da godiya ga Mai Martaba bisa albarkar da ya sa wa 'ya'yansa, Allah ya ja zamaninsa.

Muna godiya ga shugaban taro, Malam wane, da ya riƙe mana lokaci har muka kammala kafin Azahar. Muna godiya ga babban baƙonmu, Mai Girma shugaban ƙaramar hukuma, wanda sakataren ilimi ya wakilta, bisa alƙawarin rufa mana azuzuwa biyu, Allah ya ba da ikon cikawa. Muna godiya ga mai masaukinmu, Mai Girma Hakimi, da ya ba mu wannan fili kuma ya tarbi baƙinmu tun daga ƙofar gari. Uwar taro, Hajiya wance, ita ta ɗinka wa 'yan matanmu hijaban da kuke gani, Allah ya saka da alheri. Baƙo mai jawabi, Malam wane, ya tunatar da mu a ware wa yaran nan lokacin tilawa bayan Asuba don kada karatu ya zube, mun ji kuma mun gode. Babban limaminmu ya biya wa ɗalibai allo ya sa musu albarka, Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Muna godiya ga ɗan majalisarmu na jiha, Mai Girma wane, da ya baro hidimominsa ya zo ya zauna da mu. Muna godiya ga dagatai da masu unguwanni, da limamai da malaman garin nan baki ɗaya. Akwai wani bawan Allah da ya ba kowane ɗalibi Alƙur'ani, ya ce kada a ambace shi. Allah ya san shi, Allah ya sa a mizani.

Malamanmu maza da mata, ƙarƙashin shugaban makaranta, ku kuka zauna da yaran nan tun suna haɗa baƙi har yau da suka sauke, ba mu da abin biyan ku sai addu'a. Iyayen yara, mun gode da haƙuri da ɗawainiya. Iyayenmu mata da suka kwana suna girki, 'yan agaji da jami'an tsaro da suka tsaya a rana, matasan da suka kafa rumfuna suka jera kujeru tun jiya da dare, Allah ya yi muku albarka. Muna kuma tuna waɗanda suka kafa makarantar nan suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Jama'a maza da mata, na kusa da na nesa, mun gode da zuwanku. Inda muka gaza a yafe mana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.

MAI GABATARWA: Madalla, Malam, sannu da ƙoƙari. Masu sauraro, wanda ya duba agogo zai ga bai wuce minti 3 ba, kuma tun daga Sarki har mai jera kujeru ba wanda aka bari. Ku lura da neman afuwar da ya yi. Jimla ɗaya ce, bai tsaya lissafa cewa abinci bai kai wasu ba ko na'urar magana ta ɗauke sau biyu. Wanda bai lura da gazawar ba, kai ne za ka nuna masa in ka lissafa. Ku kuma lura cewa addu'o'insa gajeru ne. Ya san akwai wanda aka ware ya rufe taro da addu'a, bai shiga aikinsa ba.

Yaya mutum zai gane ya fara zarcewa? Akwai alamu a bakinsa, akwai a gabansa. Na bakinsa su ne, in ya ji kansa ya ce "wannan ya tuna mini", ko "kafin in zauna", ko ya sake cewa "a ƙarshe" bayan ya riga ya faɗa. Kalmar "a ƙarshe" alƙawari ce, sau ɗaya ake faɗar ta, kuma abin da zai biyo ta kada ya wuce jimla biyu ko uku. Na gabansa kuma su ne, mai gabatarwa ya taso ya tsaya a gefensa, dogarai sun fara gyara tsayuwa, direbobi sun nufi motoci, ana jin ƙarar kujeru daga baya. In ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tsallake duk abin da ya rage ya tafi kai tsaye ga godiyar jama'a da fatan komawa gida lafiya. In kuwa ladan ya ɗaga murya, magana ta ƙare, sai sallama.

Saura tambayar da ke sa mutane tsawaitawa tun asali: in na manta wani fa? Tsoron mantuwa ne ke sa mai godiya ya yi ta waige-waige yana kiran duk fuskar da idonsa ya faɗa a kai, daga nan kuma jeri ya wargaje. In an raɗa maka sunan kana tsaye, ka ƙarasa jimlar da kake ciki, ka sa shi a natse da cikakken laƙabinsa, ba tare da "af" ko "na manta" ba, domin cewa ka manta da mutum a bainar jama'a ya fi tsallake shi ciwo. In takardu suka fara zuwa daga ko'ina, kowa na turo sunan nasa, kada ka karɓa, ka bar wa mai gabatarwa. In kuma sai da ka zauna ka tuna, kada ka koma ka ƙwaci makirufo. Tashi ka same shi kafin ya shiga mota, ka gaishe shi, ka yi masa godiya baki da baki.

Kuma al'adarmu ta riga ta tanadi wurin doguwar godiya, wato ban gajiya. Washegari ko bayan kwana biyu, 'yan kwamiti su ɗauki takardar nan ta mai godiya, su bi ta ɗaya bayan ɗaya. A je fadar hakimi, a je gidan shugaban taro, a rubuta wa fadar Sarki da ofishin ƙaramar hukuma wasiƙa, a buga wa baƙo mai jawabi waya a ji ya isa gida lafiya, a tura mata su gaida uwar taro da masu girki. A can ne ake zama a faɗi abin da mutum ya yi dalla-dalla, a can ne kuma ya dace a tuna wa mai alƙawari alƙawarinsa cikin ladabi. Mai godiyar da ya san akwai ban gajiya a gaba ba zai ji dole sai ya juye komai a makirufo ba.

Ga wanda aka riga aka gaya wa shi zai yi godiya a wani taro mai zuwa, ga abin da zai yi a daren yau. Ya rubuta jerinsa a takarda ɗaya, ya tashi tsaye ya karanta da ƙarfi yana duban agogo. In ya haura minti 3, kada ya ƙara sauri, ya rage magana: ya fara cire kirari da yabon da ba su nuna wani aiki ba, sannan ya mai da sunayen hawa na uku rukuni. Daga nan ya kai wa wani dattijo da ya san sarautun garin ya duba masa jeri da laƙabi kafin ranar.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.

(KIƊAN RUFE SHIRI)